Kamfanin inshora ya riƙe maka kuɗin diyya: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake bin sa mataki-mataki

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan kasuwa da masu motoci a Katsina da Daura ke yawan yi idan an yi gobara ko hatsari, an cike takardu, kamfanin inshora ya ce zai biya, sannan aka ji shiru. Domin maganar ta fito fili, za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani mai shagon kayan masarufi ne a cikin garin Katsina, wuta ta ci masa kaya a watan Janairu, ya sanar da kamfanin washegari, aka turo mai tantance asara, aka yi lissafi, aka tsaya a kan Naira miliyan 3 da dubu 800. Ya sa hannu a takardar amincewa ranar 3 ga Maris. Daga nan kullum sai a ce masa ana kan aiki.

Yaushe ne za a ce biyan ya yi latti?

Kafin ka ce an makara, sai ka san inda fayil ɗinka yake, domin jinkiri iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne kamfani bai riga ya amsa cewa zai biya ba, yana bincike, ko yana jiran rahoton mai tantance asara, ko yana neman wata takarda daga wajenka. A nan abin da kake bi shi ne hukunci: su ce e ko a'a, a rubuce. Na biyu shi ne sun amsa, sun faɗi adadi, ka sa hannu a takardar da ake rubuta wa Discharge Voucher a samanta, wato takardar sallama, wadda ke cewa ka yarda da wannan adadi a matsayin cikakken biya. Daga ranar da aka yi wannan, kuɗin ya zama bashi a wuyan kamfani, babu sauran bincike.

Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga fitar takardar sallama ya biya, kuma idan ba zai biya ba, ta wajabta masa ya ba da dalilinsa a rubuce cikin kwana 90 daga lokacin da aka kai masa buƙatar. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin waccan, ta kuma ƙara tsananta wa kamfanoni a kan jinkirin biya. Ga mai shagonmu, kwana 90 daga 3 ga Maris ya faɗa 1 ga Yuni. Wanda ya kai wannan lokaci bai ga kuɗi ba, ko da tsohon ma'auni mai sassauci aka auna, an makara. Amma wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba ranar fara tuni ba. Kuɗin da aka riga aka amince da shi bai kamata ya wuce mako biyu ba tare da ka tambayi labarinsa ba.

Me zan tanada kafin in fara bi?

Jaka ɗaya, takardu a jere bisa kwanan wata. Takardar yarjejeniyar inshora mai ɗauke da lambarka, rasit ɗin kuɗin da ka biya, kwafin fom ɗin neman diyya, rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, hotunan ɓarna, rasitan sayen kaya, takardar tayin da kamfani ya yi maka, da kwafin takardar sallamar da ka sa wa hannu. Wannan ta ƙarshe ita mutane suka fi sakaci da ita. Wakili zai zo shago da ita, a sa hannu a tsaye, ya naɗe ya tafi, ba a bar wa mai shago komai ba. Ka ɗauki hotonta da waya kafin ta bar hannunka, kuma ka tabbata an rubuta kwanan wata kusa da sa hannun.

Sai lambar fayil. Kowace buƙatar diyya tana da lambar da kamfani ya ba ta, daban da lambar yarjejeniya. Idan ba ka da ita, ita ce tambayarka ta farko. Idan kuma wakili ya kasa ba ka ita bayan makonni da aukuwar abin, to akwai yiwuwar maganarka ba ta ma shiga rajistar kamfani ba, tana cikin jakarsa yana yawo da ita.

A ƙarshe ka ware shafi ɗaya a littafi, kamar yadda kake rubuta masu cin bashi, ka riƙa sa ranar da ka kira, wanda ya ɗauka, da abin da ya ce. Wannan shafi zai yi maka aiki sosai nan gaba.

Mataki na farko: yaya tunin farko zai kasance?

Gajere, cikin ladabi, kuma a rubuce. Kira a waya yana da kyau don gaisuwa da jin ta bakin mutum, amma ba ya barin sawu. Saboda haka bayan kiran sai ka bi shi da saƙon imel ko wasiƙa zuwa ga jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Mai shagonmu zai yi wannan ranar 17 ga Maris, mako biyu bayan sa hannu. Abin da zai ce bai wuce haka ba:

"Yallaɓai, bayan gaisuwa. Ina tuni ne a kan diyyar gobarar shagona, mai lambar fayil kaza. Na sa hannu a takardar sallama ta Naira 3,800,000 ranar 3 ga Maris, har yanzu kuɗin bai shigo ba. Don Allah a sanar da ni ko akwai wata takarda da ta rage daga wajena, da kuma ranar da za a biya. Ga lambar asusuna a ƙasa. Na gode."

Da Turanci za a tura shi, tunda da shi ofisoshin ke aiki, amma ma'anar ke nan. Lura da tambayoyi biyun da ke ciki. Ta farko tana rufe ƙofar da aka fi fita ta cikinta, wato a zo bayan wata biyu a ce ai kai ne ba ka kawo abu kaza ba. Ta biyu tana neman rana. "Nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce, "ƙarshen wata" ma sai an faɗi wane wata.

Ni aka cuta, don me zan fara da lallashi?

Domin a wannan mataki ba ka san dalilin jinkirin ba, kuma sau da yawa ƙaramin abu ne. Ga waɗanda aka saba gani. Sunan da ke kan asusun banki ya saɓa da wanda ke kan yarjejeniya: an yi inshora da sunan kasuwanci, an ba da asusun mai shago na kansa, sai sashen kuɗi ya mayar da fayil, ba wanda ya kira ya faɗa. Ko takardar sallama tana reshe ba a tura ta hedikwata ba. Ko kayan shagon da bashin banki aka saye su, an sa sunan bankin a yarjejeniya a matsayin wanda za a fara biya, kuɗin ya tafi can tuni an cire shi daga bashi, mai shago yana nan yana jiran alat. Ko kuma ta hannun dillalin inshora aka yi cinikin, kamfani ya tura masa kuɗin, shi ne bai miƙa ba.

Duk waɗannan jami'in fayil zai iya warware su cikin kwana kaɗan idan yana so. Wanda ka fara da zagi kuwa zai yi maka abin da ya zama dole kawai, a lokacin da ya ga dama. Akwai kuma dalili na biyu: duk abin da ka rubuta yau, wata rana wani babba zai karanta shi, ko a hedikwata ko a hukuma. Kana so ya ga mutum mai haƙuri da aka ja wa rai, ba mai neman rigima ba.

Wakilin da ya sayar mini da inshorar ɗan unguwarmu ne. Ba sai in bar masa maganar ba?

Ka ci gaba da gaisawa da shi, ka sa shi a kwafin duk abin da ka tura, amma kada ka rataya maganarka a wuyansa shi kaɗai. Aikinsa sayarwa ne, lada yake samu a kan sabon ciniki, kuma ba shi da hannu a sakin kuɗi. Hasali ma reshen da ya turo shi, wanda sau da yawa a Kano yake, ba shi ke yanke hukunci ba. Sashen biyan diyya da sashen kuɗi suna hedikwata, yawanci a Legas ko Abuja.

A nan ne kunya take cinye wa mutanenmu lokaci. Mutum zai ga idan ya rubuta wa ofis kamar ya kai ƙarar ɗan'uwa ne, sai ya yi ta zuwa gidansa bayan magariba ana ba shi haƙuri. Hanya mai sauƙi ita ce ka faɗa masa gaba da gaba: "Malam, zan rubuta wa ofishinku don su san ina jira, ba kai nake kai ƙara ba." Wakili mai gaskiya zai ji daɗi, domin ka sauke masa nauyi. Wanda ya hana ka rubutawa kuwa, ya dage cewa komai ta hannunsa zai bi, ka ƙara buɗe ido.

Dillali mai lasisi daban yake da wakili. Shi a ɓangarenka yake, kuma bin diyyarka yana cikin aikinsa. Ka nemi ya nuna maka wasiƙun da ya tura a madadinka.

An yi shiru, ko an sake ba ni haƙuri. Mene ne mataki na biyu?

Ka ba tunin farko mako biyu. Idan bai haifar da rana ba, ko an ba da rana ta wuce, sai ka hau sama da mutum ɗaya: shugaban sashen biyan diyya, da kwafi ga manajan reshe da jami'in farko. Ga mai shagonmu, 31 ga Maris ke nan.

Abin da ya kamata a gane shi ne, ba muryarka ce ke ƙara tsauri daga mataki zuwa mataki ba. Abu biyu ne ke sauyawa: wanda ake rubuta wa, da kuma ƙarfin wa'adi. Wasiƙa ta biyu tana nan da ladabinta, sai dai ta jero tarihi a layi huɗu ko biyar: ranar gobara, ranar sanarwa, ranar sa hannu, ranar tunin farko, da amsar da aka bayar ko rashinta. Sannan ta nemi ɗaya daga abu biyu cikin kwana bakwai na aiki, ko a biya, ko a rubuto dalilin da ya hana. Ta rufe da cewa idan ba a ji komai ba, za a shigar da koke a hukumance ga shugabannin kamfani.

Idan da hannu za ka kai, ka tafi da kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Mutumin Daura da zai ɗauki hanya har Kano ya miƙa wasiƙa ya dawo ba tare da wannan hatimi ba, kuɗin mota kawai ya ɓatar. Idan ta masu kai saƙo ka aika, ka ajiye rasit ɗinsu. Imel kuma ya fi duka arha, kuma shi da kansa yana ɗauke da ranarsa.

Yaya zan bambance jinkiri na gaskiya da yaudara?

Ka dubi irin amsar. Jinkiri na gaskiya yana da suna: fayil yana teburin wane, ana jiran sa hannun wane, an gano kuskure a lambar asusu. Za ka iya tambaya bayan kwana uku ka ji ya motsa. Ja-da-rai kuwa alamominsa sanannu ne. Ana neman takardu ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ka kai sai a tuno da wata. Ana neman abin da ka riga ka bayar. Ana amsa maka a waya da fara'a amma ba a taɓa amsa rubutu da rubutu ba. Jami'in fayil kullum ya tafi hutu ko an sauya shi. Maganin na farkon shi ne ka rubuta ka nemi a lissafo maka duk abin da ya rage a takarda ɗaya, sau ɗaya.

Akwai kuma uzurin da ake yawan kawowa mai kama da hujja: wai suna jiran kamfanin da su ma suka yi inshora a wajensa ya turo nasa kason. Gaskiya ne kamfanoni suna raba nauyi da wasu manyan kamfanoni, amma wannan tsakaninsu ne. Kai da kamfaninka ka ƙulla yarjejeniya, shi kake bi.

Asarata ta kai miliyan 5, suka ce miliyan 3 da dubu 800. Wannan ma ba riƙe mini kuɗi ba ne?

Ba lallai ba, kuma yana da kyau a raba wannan da maganar jinkiri, domin haɗa su yana raunana koke. Ga yadda lissafin mai shagonmu ya kasance. Ya yi inshorar kayansa a kan miliyan 8, amma mai tantance asara ya duba littattafai ya ga ranar gobara kayan da ke shagon sun kai na miliyan 10. Ke nan kashi 80 cikin ɗari na dukiyar ya rufe, sauran kashi 20 shi ya ɗauki nauyinsa da kansa. Yawancin yarjejeniyoyin gobara suna da wannan sharaɗi, don haka a asarar miliyan 5 za a biya kashi 80, wato miliyan 4. Sai a cire ɗan kason da yarjejeniya ta ce mai kaya ne zai fara ɗauka a kowace asara, a misalinmu dubu 200. Abin da ya rage miliyan 3 da dubu 800.

Da yadda farashi ke tashi, wannan na kama mutane da yawa: adadin da aka rubuta bara ba ya sayen kayan bana. Idan ba ka yarda da lissafin ba, lokacin jayayya shi ne kafin sa hannu. Ka nemi a ba ka lissafin dalla-dalla, ka kawo rasitan da ke nuna akasin abin da suka ce. Da zarar ka sa hannu a takardar sallama, komawa baya yana da wuya ƙwarai.

Sun ce in karɓi rabi yanzu, sauran daga baya. In karɓa?

Za ka iya, musamman idan shago na rufe kuma iyali na jira. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta cewa wannan wani ɓangare ne, a faɗi abin da ya rage da ranar biyansa. Kada ka sa hannu a sabuwar takarda da ke kiran rabin cikakken biya na ƙarshe.

Mataki na uku: koke a hukumance ga kamfani. Me ya bambanta shi da na baya?

Wannan wasiƙa ga manajan darakta take zuwa, da kwafi ga sashen karɓar koke-koke na kamfanin. A samanta a rubuta ƙarara cewa koke ne, ba tuni ba, domin kamfanonin inshora suna da wajibcin samar da hanyar karɓar koken abokan hulɗa da amsa shi. Ka nemi a ba ka shaidar karɓa da lambar koke. Mai shagonmu zai tura tasa wajen 14 ga Afrilu, ya ba da kwana 14, wato zuwa 28 ga wata.

Shafi ɗaya ya isa. Adadin kuɗi da lambar fayil a sama, tarihi a jere da kwanakinsa, kwafin wasiƙun baya a maƙale, sai jimla ɗaya kan abin da jinkirin ya jawo: shago a rufe, kuɗin haya na tafiya, masu ba da kaya suna bin bashi. Ba a buƙatar dogon labarin wahala. Sai a rufe da abin da zai biyo baya: idan wa'adi ya cika ba a biya ba, za a kai maganar gaban hukumar kula da inshora ta ƙasa.

Kada ka ambaci abin da ba za ka yi ba. Wanda ya rubuta cewa gobe zai kai kotu, jibi zai kira 'yan jarida, sannan aka ga wata ya wuce yana nan yana kiran wakili, ya koya wa kamfani cewa wa'adinsa ba shi da haƙori. Idan ka ce 28 ga wata, to 29 ga wata takardarka ta gaba ta fita.

Wace hukuma ce, kuma me za ta iya yi?

Ita ce NAICOM, hukumar da dokar 1997 ta kafa, wadda ke ba kamfanonin inshora da dillalai lasisi, take kuma iya hukunta su. Hedikwatarta tana Abuja, tana da ofishin shiyya a Kano, kuma tana da sashe na musamman na sauraron koke-koken masu inshora. Ana iya kai koke a rubuce ko ta shafinta na intanet, kuma ba a biyan kuɗi, ba a kuma buƙatar lauya.

Abin da za ka tura shi ne jakar nan da ka tanada tun farko: takardar koke mai shafi ɗaya, yarjejeniya, rasit, takardar sallama, wasiƙunka uku da shaidar karɓarsu, da duk amsar da aka ba ka. Hukumar takan rubuta wa kamfani ta nemi bayani, idan ta kama ta kira ɓangarorin biyu zama. A nan ne amfanin bin matakai yake fitowa. Tambayar farko da za a yi ita ce ko ka ba kamfani dama ya gyara. Wanda ya zo da wasiƙu uku masu hatimi ya amsa ta tun kafin a yi. Wanda ya zo da labarin baki kawai, mai yiwuwa a mayar da shi ya fara daga farko.

Koke irin na mai shagonmu shi ne mafi sauƙi a gaban hukuma, domin babu jayayya a kan ko za a biya ko nawa za a biya, kamfani da kansa ya amsa. Kuma kamfani ya fi jin tsoron wasiƙar mai riƙe da lasisinsa a kan ta kowa. Kowane kamfani yana da kuɗin ajiya na dole a Babban Bankin Najeriya, kuma tun a dokar 2003 an ba hukumar ikon biyan diyyar da aka amince da ita daga wannan ajiya idan kamfani ya ƙi. Sabuwar dokar kuma ta tanadi asusun kare masu inshora saboda kamfanonin da suka durƙushe.

Bayan ka shigar, ita ma hukumar sai ka riƙa bibiya. Ka karɓi lambar koke, ka tambayi labari bayan mako biyu, kuma ka sanar da ita idan kamfani ya kira ka ta bayan fage yana neman sasantawa. Kada ka janye koke bisa alkawari. Sai kuɗi ya zauna a asusu.

Ban da ita, akwai wata ƙofa?

Akwai. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, tana karɓar koke a kan mambobinta, idan kuma dillali ne ya riƙe kuɗi, majalisar dillalan inshora, NCRIB, ita ke ladabtar da nata. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana sauraron koke a kan kowace irin hidima da aka biya kuɗi ba a samu ba. Sai hukumar karɓar koke-koken jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha. A ganina kada a watsa takarda ga dukkansu a rana ɗaya. Idan kowa ya ga an sa wasu huɗu a kwafi, kowa sai ya zaci ɗayan ne zai yi. A fara da NAICOM mai ba da lasisi, a riƙe sauran.

Takaful na yi, ba inshora ta yau da kullum ba. Hanyar ɗaya ce?

Ɗaya ce. Kamfanonin takaful ma ƙarƙashin NAICOM suke. Ƙari kawai shi ne kowannensu yana da kwamitin malamai masu lura da bin Shari'a, kuma babu laifi a sa su a kwafin koke a mataki na uku.

In kai wa 'yan sanda, ko in fallasa su a intanet?

'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, kotuna sun sha faɗin haka, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai. Inda suke da hurumi shi ne idan akwai zamba: takardar inshora ta bogi, ko wakili ya karɓi kuɗinka bai kai kamfani ba. Masu mota za su iya duba sahihancin takardarsu a rumbun bayanan inshora na ƙasa, a `askniid.org`. Idan ta bogi ce, babu kamfanin da za a bi, wanda ya sayar da ita ake nema.

Fallasa kuwa wani lokaci tana sa a kira ka da sauri, amma kalma ɗaya ta wuce gona da iri, kamar kiran wani jami'i ɓarawo da sunansa, tana iya juya maganar ta koma ƙarar ɓata suna a kanka. Idan kuma wani ya raɗa maka cewa a ba shi wani abu fayil ya motsa, kada ka bayar. Ka rubuta ranar da abin da ya ce a shafin nan naka.

Yaushe lauya zai shigo?

Idan kamfani ya ƙi biya gaba ɗaya bisa dalilin da ba ka yarda da shi ba, ko kuɗin yana da yawa, ko hukuma ta yi nata ba a ga sakamako ba. Lauya yakan fara da wasiƙar neman biya mai wa'adi, kuma wani lokaci ita kaɗai ta isa. Kafin ka ɗauke shi, ku yi magana a kan ladansa a rubuce: adadi ne tsayayye ko kaso daga abin da aka karɓo. A diyyar dubu 300, shari'ar shekara biyu ba riba ba ce. A ta miliyan 3 da dubu 800 da aka riga aka amince da ita a rubuce, hujjar tana da ƙarfi, lissafin kuma ya bambanta.

Abu biyu za ka sa ya duba maka a yarjejeniyar tun ranar farko. Na ɗaya, ko akwai sharaɗin cewa saɓani a kan adadi sai an fara kai shi gaban mai sasantawa kafin kotu. A Katsina akwai cibiyar sulhu da ake iya amfani da ita idan ɓangarorin sun yarda. Na biyu, wa'adin shigar da ƙara. Wasu yarjejeniyoyin suna cewa idan kamfani ya ƙi biya a rubuce, kana da 'yan watanni kawai ka ɗauki mataki, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Wasiƙun tuni da koke a hukuma ba lallai su tsayar da wannan agogo ba. Saboda haka duk wanda ya karɓi takardar ƙin biya, ya kai ta wajen lauya a makon, ko da yana da niyyar ci gaba da bin sauran matakan.